Ashana Takwas, Ashana Ɗaya

Tsohon da ake ce wa Gagarau shekara arba'in ya yi yana dako a tashar manyan motoci. Buhun siminti ya faɗo masa a wuya bai mutu ba, mota ta kife da shi ya fito yana kakkaɓe riga. Bai taɓa zama a aji ba, amma ba a taɓa cutarsa a ciniki ba. To wannan mutumin ne ƙanin matarsa ya kira jahili a cikin ɗakinsa, a gaban 'ya'yansa.

Ga yadda abin ya faru. Matarsa, wadda kowa ke kira Iya, ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Bayan aiki likita ya ce ta rame da yawa, a riƙa ba ta abin gina jiki da na ƙarfafa ƙashi. Haƙoranta sun ƙare, nama ya gagare ta, sai Gagarau ya sayo madarar gari babban gwangwani. Kofi biyu ta sha, cikinta ya kumbura yana ƙugi, ta wuni ana kai ta banɗaki a kan sanda. Ashe tun tuni madara ba ta karɓe ta ba, shi ya sa take shan shayinta baƙi, ba ta dai taɓa faɗa ba.

Ƙaninta mai kanti ne, irin kantin nan mai ƙofar gilashi. Ya zo da kwali shida na madarar almon, wadda ake tatsa daga wata irin gyaɗar ƙasar waje, ya jera a kan tebur.

"Yaya, ba laifinka ba ne," in ji shi, "wanda bai iya karanta gwangwani ba ai sai ya kashe mutum da kyakkyawar niyya. Wannan za ta sha, yara su riƙa biya a kanti. In ban ga canji ba, gidana zan mai da 'yar'uwata."

Shekara arba'in da shida Iya ba ta kwana wani gida ba. Gagarau ya haɗiye maganar ya ajiye ta inda ba za ta ruɓe ba.

Mako uku tana shan madarar almon. Cikin ya kwanta, gaskiya ne, amma da aka koma asibiti sikeli ya nuna ta ƙara ramewa. Aka tura su wurin jami'ar abinci, wata mata mai tabarau. Gagarau ya zaro fankon kwalin daga jaka ya dire mata.

"'Yata, ni ban iya boko ba. Ki faɗa min abin da ke cikin nan yadda zan riƙe."

Ta fara nuna masa rubutun bayan kwalin, ya girgiza kai, ya ciro kwalin ashana daga aljihu ya zazzage a teburinta. A tasha da tsinken ashana yake ƙirga buhuna. Ta yi dariya ta gyara zama.

"To Baba, kowane tsinke giram ɗaya ne na furotin, wato abin gina jiki, a kofi guda. Madarar shanu," ta jera takwas. "Abin da ke damun Iya sukarin da ke cikinta ne, hanjinta ba ya iya narkar da shi. Akwai ta shanun da aka riga aka narkar da sukarin, ita ma takwas ce, ba za ta dame ta ba, sai dai ta fi ta gama-gari tsada. Ta waken soya," ta jera bakwai. "Cikin na tsirrai yawanci ita ce mai sauƙin kuɗi."

"Ta surukina fa?"

Ta ajiye tsinke ɗaya.

Gagarau ya daɗe yana kallon tsinken nan kamar an ba shi kyautar gida.

"Yawancinta ruwa ne," ta ce. "Ba guba ba ce, an zuba mata sinadarin ƙashi, amma ba ta gina mai rama. In za ka sayi ta soya, ka ce a ba ka wadda aka ƙara wa kalsiyam, wato sinadarin ƙashin nan, don wadda ake tatsa a gida ba ta da shi sosai. Ka girgiza kafin ka zuba, yana kwanciya a ƙasa. A haɗa mata da ƙwai da kifi."

Ya sa ta maimaita sau biyu, ya tattara ashanarsa.

Da wani ne, da nan take ya tafi kantin surukin ya yi hayaniya. Gagarau ya fi haka haƙuri in ya ƙullaci mutum. Ya je wani kanti can gaba ya tambayi kuɗi: kwalin almon ɗaya, na soya biyu har da canji. Ya fara saye da ɗan abin da 'yan tasha ke ba shi na tsohon shugaba. Na suruki kuwa, in yara suka kawo, sai ya tura ƙarƙashin gado ba a buɗe ba, ya bar fanko ɗaya a kan tebur.

"Malam, ƙanina ne fa," in ji Iya.

"Na sani. Shi ya sa ban ɗaga shi sama na buga da ƙasa ba. Sha."

Mai kanti na zuwa duk mako, ya ga fankon, ya ga kumatun yayarsa na dawowa, ya shafa tumbi. "Ka gani, Yaya? Abu mai tsada ba ya ƙarya." Gagarau ya ce, "Ƙwarai kuwa, ilimi ai daɗi ne."

Bayan mako shida Iya ta ƙara kilo biyu, tana takawa tsakar gida da sandarta. Mai kanti ya tara 'ya'yan a falo, ya ce tunda an ga wanda ya san kula da ita, gara ta koma gidansa ta ƙarasa warkewa. Har ya zo da mota.

Gagarau ya shiga ɗaki. Gadon bayan nan da ya saba ɗaukar buhun siminti bai manta aikinsa ba: ya fito rungume da kwali goma sha biyu, ya sauke a gaban ƙafar surukin, kowanne da murfinsa a liƙe. Sannan ya kawo na soya, ya zauna, ya jera ashana bakwai a gefe, ɗaya a gefe.

"Ɗan boko, karanta mana bayan kwalinka. Furotin nawa?"

Mai kanti ya juya kwalin, ya matso da shi, ya nesanta. "Ai tana da kalsiyam."

"Tana da shi. Wannan ma tana da shi, a ƙasa da rabin kuɗi. Furotin na tambaya."

Babbar 'yar ta karɓi kwalin daga hannun kawunta ta duba. "Ɗaya ne, Baba."

"Ɗaya. Mako uku tana shan ruwanka tana bushewa, kana karɓar kuɗin 'ya'yanta. Ko ka karanta ka yi shiru, ko ba ka karanta ba. Zaɓi wanda za a riƙa kiranka da shi."

Mai kanti ya dubi yayarsa yana neman ceto. Iya ta girgiza kwalin soya da kyau kamar yadda aka koya mata, ta cika kofinta.

"Auta, ka ja motarka," ta ce. "Ni nan nake. Ka gaida iyali."

Gagarau bai bari yara sun taya shi kwashe kayan ba. Sawu uku mai kanti ya yi zuwa mota, yana haki. A sawu na ƙarshe tsohon ya bi shi har ƙofa, ya soka masa tsinken ashana ɗaya a aljihun gaba, ya daddaɓa wurin a hankali.