Kaskon Ruwan Bature

Wata biyar da rasuwar Malam Dabo, a tsakiyar bazara, matarsa Inna Sa'adiyya ta lura da cewa muzurun gidan ya canza. Fari ne sol, shi ya sa marigayin ya sa masa suna Bature, kuma shekara bakwai ke nan ɓera bai taɓa buhu ɗaya a ɗakin hatsinsu da ke Yalwan Damai ba. Yanzu sai ta gan shi ya je kan yashin bayan rumbu ya tsuguna, ya daɗe yana yunƙuri, ya tashi ya koma, ya sake tsugunawa. Da ta duba wurin sai ta ga ɗigon fitsari uku ne kawai, kuma da ja-ja a ciki.

'Ya'yanta sun watse, ɗaya a Gwaram, biyu a kudu. Idan ta idar da sallah ta yi magana, Bature ne kaɗai ke juyowa. Don haka ba ta yi shawara da kowa ba, ta sa shi a kwando ta rufe da tsohon zane, ta hau babur sai Birnin Kudu.

A asibitin dabbobi, masu shanu da awaki ne zaune a inuwa. Wani ya leƙa kwandon ya ce, "Inna, ko sadaka aka kawo mana?" Aka yi dariya. Malam Yahuza, ma'aikacin wurin, bai yi ba. Ya ɗora muzurun a kan tebur, ya ɗaga fatar ƙeyarsa ya saki, fatar ta daɗe kafin ta kwanta. Ya taɓa dasashinsa, ya latsa ƙasan cikinsa a hankali.

"Me yake ci, Inna?"

"Garin bandar kifi. Tun da Malam ya rasu ba na wani girki."

"Ruwa fa?"

"Yana nan a gwangwanin madara, kusa da abincinsa. Kullum a cike."

"To, cikar nan ita ce matsalar," in ji Malam Yahuza. "Kyanwa ba ta jin ƙishi kamar akuya. Yawancin ruwanta a cikin abinci take samu. Ke kuma kin ba shi busasshe, kin sa ruwan a abu mai zurfi da ƙaramin baki, gashin bakinsa na gogar gefe. Fitsarinsa ya yi kauri, yana ƙona shi. Namiji ne kuma, hanyarsa siririya ce, tana iya toshewa."

Ya yi masa allura, sannan ya zauna ya yi mata bayani dalla-dalla. Ta dafa ɗanyen kifi ko kayan cikin kaza a ruwa zalla, ba gishiri, ba magi, ba albasa ko tafarnuwa, don albasa tana lalata musu jini. Ta cire ƙaya, ta dagargaza da romon ya yi ruwa-ruwa, ta ba shi kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu. Abin da ya rage ta kwashe kafin ya yi tsami. Kada ta ba shi nono, gudawa zai sa shi. Ruwan sha kuwa a faffaɗan abu marar zurfi, a cika shi har baki, a wurare biyu ko uku masu inuwa, nesa da abinci, nesa da inda yake bayan gida, kuma a sauya safe da yamma.

"Abu ɗaya kuma," ya ƙara. "Ranar da ya yi yini bai yi fitsari ba ko ɗigo, kada ki jira gobe."

Inna Sa'adiyya ba ta yi karatun boko ba, sai ta riƙa maimaitawa a baki a kan babur har gida.

Kifin ya ci, bayan ya yi kwana biyu yana shinshinawa yana juya baya. Sai da ta barbaɗa ɗan garin banda a sama sannan ya yarda. Ruwan ne ya gagara. Ta ajiye tasa a ƙarƙashin darbejiya, kaji suka shiga da ƙafa. Ta ajiye faranti a bakin ɗakinta, ya tsallake shi kamar bai gani ba. Kullum da azahar sai ya tafi ƙofar zauren Malam, wanda aka rufe tun ranar sadakar bakwai, ya zauna yana kallon ƙyauren. Ita ta ɗauka kewa ce.

Rana ta huɗu ta ɗauko mabuɗi ta buɗe. Buzun Malam na nan a naɗe, butarsa a jingine. A lungun da ke bayan ƙyaure ta ga wani tsohon kaskon tukunya, faffaɗa, ya bushe ƙayau. Nan ta tsaya. Sau biyar a rana Malam yakan yi alwala a bakin zauren nan, kuma in ya gama sai ya juye ragowar ruwan butar a kaskon. Shekara da shekaru tana ganin haka, ta ɗauka ɗabi'a ce kawai irin ta tsofaffi. Ashe a nan Bature yake sha. Ita ce da hannunta ta sa kwaɗo a ƙofar.

Ta wanke kaskon, ta cika shi daga randa, ta ja da baya ta zauna a dakali. Muzurun ya zo, ya zagaya, ya sa ƙafa ɗaya ya taɓa ruwan, sannan ya sunkuya. Tana jin ƙarar harshensa daga inda take. Ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe a haka.

Daga ranar ta koma yin alwala a bakin zaure. Ta ƙara wani kasko a inuwar rumbu ta ɓangaren da babu yashi, wani kuma a kan turmin da ta kife, inda kaji ba sa kaiwa. Cikin mako biyu jan ya ɓace daga fitsarin, yashin ya fara jiƙewa da faɗin tafin hannu.

Sai waya ta zo daga Gwaram. 'Yarta Hapsatu ta haihu, an yi mata aiki, ba ta iya ko miƙewa. Babu zancen ƙin zuwa. Kuma babu zancen kai kyanwa gidan surukai cike da 'yan barka. Ta kira maƙwabciyarta Zahara'u, mace mai tsafta da tsoron Allah, ta zagaya da ita kasko-kasko tana nuna mata.

"Inna, wannan hidima ai ko angon bana," in ji Zahara'u tana dariya.

"Ki dai yi haƙuri ki yi. Kwana bakwai ne."

"Je ki abinki. Kamar kina nan."

Kwana bakwai suka zama goma sha ɗaya, saboda ɗinkin Hapsatu ya yi ruwa. Duk lokacin da Inna ta kira, Zahara'u takan ce lafiya lau, ruwa na nan a cike.

Ta dawo ranar Talata da hantsi. Tsakar gida a share tas. Kaskon zaure na nan a cike, an rufe shi da faifai. Na rumbu ma da faifai, har da ɗan dutse a kai. Na kan turmi an wanke an kife. A bakin ɗaki kuwa kwano ne shaƙe da garin banda.

Zahara'u ta shigo tana yi mata sannu da zuwa. Inna ta nuna mata faifan.

"Ai ba a barin ruwa ya kwana a buɗe, Inna, ke ma kin sani, haka aka karantar da mu. Da safe nakan buɗe, in ƙura ta tashi in mayar. Jiya da shekaranjiya ne dai na je biki Sundimina."

"Kifin fa?"

"Na dafa kwana uku. Ƙudaje ne suka yi yawa, shi kuma yana bari. Na ga bandar ya fi so."

Ba ta yi da mugunta ba, Inna ta san haka. Ta sami Bature a ƙarƙashin gado, ya yi amai a gefensa. Da ta taɓa cikinsa ya yi wani kuka da ba ta taɓa ji ba. Yashin bayan rumbu a bushe yake ko'ina.

Kafin azahar tana Birnin Kudu. Malam Yahuza ya sa yatsu a ƙasan cikin, ya ɗago ya dube ta.

"Mafitsarar ta yi tauri kamar lemo. Ya toshe. Yaushe rabonsa da fitsari?"

"Ban sani ba. Ba na nan."

Ta ciro 'yar robar ruwa daga jakarta, ta ce ko a ɗura masa. Ya girgiza kai.

"Yanzu ruwa ba zai buɗe shi ba, Inna. Wanda ke ciki ma ya rasa hanyar fita, yana komawa yana cutar da ƙoda. Sai an sa masa barci an zura siririyar roba. Ni irin ta kyanwa ba ni da ita, kayan shanu da awaki ne a nan. Sai Kano."

"In na kai shi zai tashi?"

Malam Yahuza ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. "In da jiya ne, da na ce miki e. Yau ban sani ba." Ya rubuta sunan unguwa da na wani likita a takarda, ya naɗe ya sa mata a hannu.

A tasha, direban farko ya ji kukan ya ce shi ba ya ɗaukar kyanwa, fasinja za su sauka. Na biyu ya ce sai dai a but ɗin mota, tare da buhunan albasa, cikin wannan rana. Na uku, wani dattijo mai suna Salihu, ya ɗaga zanen ya duba, ya mayar a hankali.

"Shiga baya, Inna, ki riƙe shi a cinya. Amma sai mota ta cika."

"Saura mutum nawa?"

"Huɗu."

Ta shiga ta zauna a bakin taga. Kujerar ta yi zafi. Aka kira sallar la'asar, mutum ɗaya ya zo, ya tambayi kuɗin mota, ya fasa. Inna Sa'adiyya ta zura hannu ƙarƙashin zanen ta ɗora a haƙarƙarin Bature. Yana numfashi, amma kunnuwansa sun yi sanyi, kuma ya daina kuka tun ɗazu. Salihu na tsaye a tsakiyar tasha yana kiran Kano, Kano, saura huɗu.