Rubutun da ke kan allon

Ranar ƙarshe ce ta makon gwajina a shagon buga fosta. Mai shagon ya faɗa mini tun safe, ko kallona bai yi ba: “In aikin yau ya fita lafiya, kujerar taki ce. In ya lalace, sai wata rana.” Wata bakwai na yi ina yawo da takarduna kafin in samu wannan dama, don haka ban ɗauki maganar da wasa ba.

Aikin na wata shugabar makaranta ne, bana, wato babbar fosta ta leda, mai tsawon mita uku, za a rataya a ƙofar makarantarta da ƙarfe huɗu. Ita ta kawo hoton, ta ce manhajar AI ce ta zana mata. Yara a aji, malama tsaye gaban allo, kyau kam ba magana. Amma rubutun da ke kan allon, kai! Kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kai.

Na zagaye rubutun da burushin kwamfuta na rufe shi, wato na nuna wa manhajar gyaran hoto cewa nan kaɗai za ta taɓa. Ban ce ta sake rubutawa ba, na san halinta, wani shirmen za ta zubo. Cewa na yi ta cike wurin da allo wanda babu komai a kansa. Sannan na buɗe sabon shafi a saman hoton, na buga da hannuna: “Barka da zuwa, sababbin ɗalibai.” Na zaɓi haruffa masu kama da rubutun alli, na karkata su daidai da karkatar allon, na ɗan dusashe farinsu don kada su yi kama da liƙi. Shugabar ta gani a waya, ta ce a buga.

Na haɗe shafukan na fitar da kwafi guda, na tura wa Dogo, mai kula da injin bugu, na fita yin salla.

Ina dawowa na tarar injin ya fara gurnani, bana tana fitowa a hankali. Mai shagon na zaune a kujerata.

“Hotonki ƙarami ne, Dogo ya ce zai farfashe a mita uku,” in ji shi. “Na sa manhaja ta ƙara masa girma. Wannan ma sai an koya miki?”

Irin manhajar da ya buɗe ba faɗaɗa hoto kawai take yi ba, sake zana shi take yi, ta ƙirƙiro abin da take zaton ya ɓace. Kuma kwafin da aka haɗe ya ba ta, rubutuna na ciki.

Na ruga bakin injin. Allon da ke hoton ya fara leƙowa. Haruffana sun narke, wasu sun manne da juna, wasu sun tsiro ƙafafu.

“Dogo, tsayar da shi!”

“Ni? Maigida ne ya ce…”

Na miƙa hannu na danna maɓallin da kaina. Injin ya tsaya cak.

“Ke! Wa ya aike ki?” Mai shagon ya taso. Na nuna masa allon da yatsa. Ya duba, ya sake dubawa. Dogo ya auna ragowar ledar bugun, ya ce ta bana ɗaya ce tak. Ƙarfe uku saura kwata.

Na buɗe fayil ɗina na asali. Na ɓoye shafin rubutu, na ƙara wa hoton girma shi kaɗai, allonsa wayam, sannan na maido rubutuna a kai na daidaita shi. Na zuƙo kowane harafi na duba kafin in ce Dogo ya sake bugawa.

Ana cikin bugu shugabar ta shigo. Idonta ya sauka kan lalatacciyar banar da ke yashe a ƙasa.

“Wannan fa? Da abin da za ku rataya mini ke nan a ƙofar makaranta?”

“Ayya, ranki ya daɗe, sabuwar ma’aikaciya ce,” in ji mai shagon, har da murmushi. “Allah ya so na kama da wuri.”

Wallahi sai da kunnena ya yi zafi. Fayil ɗin yana nan a buɗe, dannawa biyu ya isa in wanke kaina. Na dubi Dogo, ya sunkuyar da kai yana goge abin da ba datti. Shugabar ta kalle ni sama da ƙasa.

“Ki riƙa lura, ’yata.”

“To, Mama,” na ce.

Bana ta fita tsaf, aka naɗe mata ta tafi. Mai shagon ya zaro makullin shago daga aljihu ya ajiye a gefen kwamfutata.

“Litinin ƙarfe takwas. Ke za ki riƙa buɗewa.”

Na ɗauka, har na ce na gode. A bakin titi na tsaya jiran mota, ina son in kira mahaifiyata in yi mata albishir, amma na tuna laifin da aka ɗora mini, sai na mayar da wayata jaka.