Goma a Agogon Auta

Mai Agogo ya jingina wayar da gwangwanin kusoshi, ya sake duba cajinta. Ƙarfe huɗu saura biyu. Matarsa na zaune a bencin masu jiran gyara, jakar asibiti a cinyarta. Gobe da safe za a cire mata yanar ido, an kuma ce ta isa a ba ta gado kafin biyar da rabi.

Ba su gaya wa Auta ba, 'yarsu da ke karatu a ƙasar waje. Uwar ta hana a rubuta mata. Maganar wuƙa, in ji ta, da baki ake faɗinta.

A bangon shagon, cikin agogunan mutane, akwai wani mai lilo da ya manna wa takarda: AUTA. Awa shida yake bayan sauran. Ya buga goma. Wayar ba ta motsa ba.

"Ko naka ne ya yi gudu?" in ji matarsa.

"Nawa ba ya gudu."

Huɗu da minti goma ya kira. A kashe. Bai yi mamaki ba. Ranar Lahadi Auta tana aikin safe a gidan burodi, wayoyin ma'aikata kuma a akwati ake kulle su sai an tashi.

"Wata biyu ba ta taɓa saɓawa ba," in ji uwar. "Sai yau. Malam, ɗauko wasiƙar nan."

Tana cikin aljihun tebur, a ƙarƙashin batura. Ta waya Auta ta turo ta, shi ya kai aka buga masa a takarda. Ya sa gilashi ya karanta.

"Baba da Mama, kiran da muke yi kara zube yana wahalar da mu. Ku kira ina aji, in kira kuna barci. Mu tsayar da lokaci ɗaya. Kuna gabana da awa shida. Lahadi ina tashi aiki goma saura kwata, goma daidai ina ɗaki. Goma na safe a nan, huɗu na yamma ke nan a wurinku. Ni zan riƙa kira. In layi ya yanke kada ku biyo ni, mu yi ta karo. Ku jira."

Ya tsaya.

"Wancan karon ma nan ka tsaya, ka tsallaka zuwa gaisuwa," in ji ta. "Ido ne ba ni da shi, amma ina ganin baƙin rubutu a ƙasa."

Ya gyara murya.

"Abu ɗaya. A Lahadin farko na Nuwamba, ƙasar nan kowa yana mai da agogonsa baya da awa ɗaya. Ku ba kwa yi. Daga ranar tazararmu awa bakwai ce, gomana ya zama biyar ɗinku, har Maris da za su mai da shi gaba. Ba zan iya matsowa ba, saboda aiki. Baba, na san za ka ce shirme ne. Ka gyara dai."

"Yau wace Lahadi ce?"

"Ta farko."

"Me ya hana ka karanta min?"

"Na ɗauka ruɗewa ta yi. Shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa jin gari guda sun haɗa baki sun yi wa rana ƙarya ba."

"To, ga shi sun yi, ba su kuma nemi izininka ba."

Ta miƙe, tana laluben hannun jakar. Motar asibiti minti arba'in take yi, in hanya ta yi kyau. Biyar a mota za ta same su, cikin hayaniya, ba a nan ba inda ta kwana uku tana shirya kalmominta.

"Mu jira a nan," ya ce. "Zan roƙe su a asibitin."

"A ba wani gadon? Taso."

Ya buɗe murfin agogon Auta. Kullum yana gaya wa masu kawo gyara kada su murɗa hannun mai bugawa baya, yana ɓata bugun. Ya sa yatsa ya tare lilon, agogon ya tsaya har lokacin Auta ya cim masa. Shagon ya rage murya ɗaya.

A mota ta samu gefen taga, shi yana tsaye a kanta da jakar. Biyar daidai wayar ta yi ƙara a tafin hannunta.

"Mama, ina wuni? Wannan hayaniyar fa? Ina za ku?"

Uwar ta toshe ɗaya kunnen da yatsa. Matar da ke kusa da ita ta kau da kai, ta ba ta wuri.

"Auta, kina zaune? Zauna tukuna."

"Na zauna. Baba ya gyara agogon?"

Uwar ta ɗaga kai ta dubi inuwar mijinta.

"Ya tsayar da shi," ta ce. "Yana jiran ki iso. Yanzu ki saurare ni, kada ki katse ni."