Bututu Inci Huɗu

Ni na zaɓa wa Baba ɗakin nan na can ƙasan bene, kuma babu wanda ya isa ya yi mini gardama a lokacin, domin ni na zana magudanan ginin tun ina sabuwar injiniya. Na san kowane bututu da inda ya nufa. Bene ne hawa shida, ɗakin Baba kuma ya ɗan nutse ƙasa da tsakar gida, ana gangara masa ta wata 'yar hanyar siminti da keken marasa lafiya ke bi. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, sai mutum biyu ke iya ɗaga shi. Maganarsa ma ta tafi, kalma ɗaya ta rage masa, ita ce "Uwata", sunan da yake kirana da shi. Mun sa kafinta ya rage ƙafafun gadonsa, katifar ba ta fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba, don kada ya faɗo ya ji ciwo.

Abin ya fara ne da ƙara. Ina ba shi abinci sai na ji masai yana ƙulu-ƙulu shi kaɗai, kamar cikin mai yunwa. Mai irin aikina ba ya jin wannan ƙarar ya ci gaba da abin da yake yi. Iska ce ta rasa hanya a cikin bututun da ya cika, take tasowa ta ruwan masai.

Na je na sami mai kula da ginin, dattijon da kowa ke ce wa Kawu Mai-makulli, na ce ya zagaya da ni sama. Sabon mai ginin ya mai da gidajen sama ɗakunan kwanan ɗalibai, kowane ɗaki da banɗakinsa.

A aikinmu ba a zaɓar bututu da ido. Kowane abu da ke zubar da ruwa yana da makinsa: masai huɗu, shawa biyu, wurin wanke hannu ɗaya. Makin ya riga ya ɗauke lissafin cewa ba kowa ne zai ja ruwa lokaci guda ba. Sai ka tara, ka duba bututun da zai iya ɗauka. Lokacin da na zana ginin, makinsa ɗari da hamsin ne. Ranar nan na ƙirga banɗaki arba'in da takwas, maki ya haura ɗari uku da talatin, ban ma sa na ɗakin girki ba.

Kawu ya ce, "To ai bututun ƙato ne, Injiniya. Hannuna yana shiga."

Na ce, "Kawu, na tsaye ba shi da matsala, inci huɗu a tsaye yana ɗaukar maki ɗari biyar. Wanda ya kwanta a ƙasa shi ne abin tsoro. Gangararsa santimita ɗaya ce a kowace mita, ƙarfinsa ɗari da tamanin. Ko da za a ninka gangarar, da kyar zai wuce ɗari biyu, kuma ba za ta ninku ba, tunda magudanar titi ba za ta sauka ƙasa saboda mu ba. Sai dai a haƙa a sa inci shida."

"In ba a sa ba fa?"

"Ruwan da ya rasa hanya zai fito ta ramin da ya fi kowanne ƙasa."

Bai tambaye ni wane rami ne ba. Ya san ɗakin da ya fi kowanne ƙasa.

Na kira mai ginin a waya, ya ce in kwantar da hankalina, fulamba zai zo ya zura waya ya buɗe. Na ce masa ba toshewa ba ce, ƙanƙanta ce. Ya ce za a duba. Ai kuwa na gaya masa maganganun da ba zan maimaita su nan ba. Daga nan na shirya da yayana cewa ƙarshen mako zai zo da mota mu kwashe Baba zuwa gidansa. Na lissafa cewa kafin nan abin ba zai wuce ƙara da ɗan wari ba, kuma a kan makin banɗaki lissafina daidai ne.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, hadari ya haɗu. Ɗalibai duk sun tafi makaranta, mai jinyar Baba ta je karɓo magani, Kawu ya fita sayen kwan fitila. Daga ni sai Baba. Da ruwan ya kece har na ji daɗi, na ce, "Baba, yau za ka yi barci mai sanyi." Ruwan sama ba ruwansa da bututun banɗaki, na ware masa nasa guda biyu a jikin bango ta waje, suna zuba a kwatar tsakar gida.

Sai na ji masai ya yi wani irin tari.

Na leƙa banɗaki. Ramin shawa yana aman baƙin ruwa, yana tsalle sama, na cikin masai kuma yana tasowa har ya kai baki ya fara zuba. Babu kowa a sama, wa ke jan ruwa? Na kashe wutar ɗakin daga babban makunni saboda soket ɗin da ke ƙasa, na kira Kawu a waya.

"Kawu, an taɓa wani abu a rufin ginin nan?"

"An taɓa, da rani. Mai gini ya ce bututun waje suna ɓata fenti, masu gyara suka cire su."

"Ruwan rufin ina suka kai shi?"

Ya ce, "Sun haɗa da na banɗaki ta ciki. Sun ce ai duk ruwa ne."

Innalillahi! Duk ruwa ne! Ruwan sama ba a auna shi da maki, da faɗin rufi da ƙarfin ruwan ake auna shi. Rufin nan murabba'in mita ɗari huɗu ne. Ruwa irin wanda ake yi ranar, lita goma sha ɗaya yake saukarwa kowace daƙiƙa, bututuna na ƙasa kuwa rabin haka yake iya haɗiyewa. Ragowar rabin duk ɗakin Baba zai zo, ɗakin da ba shi da inda ruwa zai fita.

Kawu ya ce yana can ruwa ya tsare su a rumfa, titi ya cika. Da na ce zan hau rufi, ya ce makullin yana bayan tukunyar kashe gobara a hawa na shida, guduma kuma tana ɗakinsa ko ƙofar za ta ƙi buɗewa. Na kira yayana, ya ce ga shi nan, amma daga ƙarshen gari zai taso. Na fita ƙofa na kwarma ihu, ruwan sama ya haɗiye muryata.

Da na dawo, ruwa ya rufe mini idon sawu, takalman Baba suna yawo a kai. Warin ba a magana. Na jawo keken, na sa hannu a hammatarsa na ja iya ƙarfina. Ko rabin jikinsa ban raba da katifa ba, muka kusa faɗawa cikin ƙazantar tare. Na sake gwadawa, bayana ya amsa. Idan na jawo shi ƙasa na kasa ɗagawa, ni da hannuna na sa fuskarsa a ruwa. Na tara duk matasan kai na cusa a bayansa, na jingina shi da bango.

"Baba, zan hau sama in tare ruwan. Yanzu zan dawo."

Ban san ko ya gane ba. Idonsa yana kan ruwan. Ya damƙe mini wuyan hannu da hannunsa na hagu, mai lafiyar, damƙar da ban san yana da sauran ƙarfinta ba.

"Uwata."

"Baba, sake ni, don Allah. Idan na zauna ba zai tsaya ba."

"Uwata. Uwata."

Ruwa ya taɓa gindin katifa. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na sa ɗaya hannuna na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, yana mayarwa ina cirewa, har na fizge. Ban waiwaya ba, amma na ji sautin da ya yi.

Yadda na hau benen nan da guduma a hannu, ban sani ba. A kowane hawa ina jin ruwa yana ruri a cikin bango, yana gangarawa wurin ubana. A kan rufin, ruwa yana juyawa yana shiga ramuka biyu. Na cire mayafina na dunƙule na cusa a na farko, na jawo wani buhun yashi da masu gyara suka bari na danne. Na biyu na cusa masa tsummokaran shanya da wani guntun leda, na ɗora bulo.

Sai ruwa ya fara taruwa a kan rufin, wannan kuma wani bala'in ne, domin taƙi ɗaya na ruwa a faɗin nan nauyin manyan motoci ne. A zanena na bar ƙofofin ambaliya a jikin katangar rufi, saboda rana irin wannan. Na duba, babu su. Shashashan sun shafe su da siminti sun bi da fenti! Na lalubi inda na san suke, na dinga dukan wurin ina zagi ina kuka, har simintin ya faɗa waje. Ruwa ya tsirga ta jikin gini zuwa kwatar tsakar gida. Na buɗe ta biyu, na juya da gudu.

Na tarar ruwan ya tsaya, har ya bar alamarsa a bango ya fara ja. Katifar ta jiƙe sharkaf. Baba ya zame daga kan matasan, ya karkata ɓarin da ya mutu, kumatunsa a kan zanin gado, tsakanin bakinsa da ruwan bai fi yatsu uku ba. Idonsa a buɗe. Yana numfashi.

Na durƙusa a cikin ƙazantar na tallabo kansa, ina cewa, "Ga ni, Baba, na dawo, na tare shi." Bai dube ni ba.

Yanzu yana gidan yayana, a ɗaki mai tsabta, nesa da kowane bututu. An haƙa tsakar gidan can an sa inci shida, an mayar da na ruwan sama waje, ni na tsaya a kan aikin. Na yi wa Baba bayani ya fi a ƙirga, yayana ma ya yi masa, har zane na yi masa a takarda. Likita ya ce wataƙila yana ganewa, wataƙila ba ya ganewa.

Kullum da yamma ina zuwa in ba shi abinci, yana kuma karɓa. Amma da zarar na zauna a bakin gadon, sai ya ja hannunsa na hagu a hankali ya tura ƙarƙashin bargo. Tun ranar nan bai sake cewa Uwata ba.