Kyallen da Ba a Ja wa Alli Ba

Matar ba ta jira mai fenti ya gama amsa sallama ba, ta tura masa waya gaban hanci.

"Baba mai fenti, don Allah karanta mini wannan. An ce ku kuka san hannun juna."

Ya ajiye buroshi a bakin gwangwani, ya kai wayar dab da idonsa na dama, mai ɗan sauran gani. Hoton wani tsoho ne a kan benci a bakin titi, ƙafa ɗaya ba takalmi. Sama da kansa an ɗaure farin kyalle da igiya, an rubuta gyaran fanka da dutsen guga da jan fenti, a ƙasa kuma lambar waya.

"Mahaifina ne," in ji ta. "Yau kwana huɗu da fitarsa. Ko sunansa ba ya tunawa, ga ciwon suga, ga allurarsa a gida. Hoton yawo yake a wayoyi, kowa ya ce turo masa aka yi, ba wanda ya san inda aka ɗauka."

"Kin kira lambar?"

"Wace lambar? Dubi fa! An fara da manya-manya kamar ƙofar gida, aka ƙare da kashin ɓera. Na ƙirga, guda biyu babu. Na yi ta cusa su a ƙarshe ina kira, har wani ya ce in na sake zai haɗa ni da 'yan sanda. Wanda ya yi rubutun nan, Allah ya isa tsakanina da shi."

Ta buɗa hoton da yatsu biyu, lambobin suka narke suka koma jan hayaƙi.

"Mayar da shi yadda yake, 'yata."

Tun kallon farko ya gane. Wannan lamba biyun mai doguwar jela tasa ce. Shekara biyu ke nan da idonsa ya daina ganin layin alli a kan farin kyalle. Bai faɗa wa kowa ba, ya ci gaba da karɓar aiki yana rubutu da ka, ba awo. Ya yi irin wannan sun fi ɗari, ba ya tuna fuskar mai ko ɗaya. Yana iya karantawa a matsayin aikin wani sakarai, ta yi godiya ta tafi. Amma in ta ji shi da canke kamar kowa, me zai sa ta yarda? Kuma tsohon ba shi da kwana na biyar da zai ba su.

"Ni na rubuta."

Ta tsaya tana kallonsa.

"To wane shago ne? Ina yake?"

"Wallahi ban sani ba."

"Kai ka rubuta, ba ka sani ba! Baba, kana tsoron Allah kuwa?"

"Zage ni daga baya. Riƙe mini nan."

Ya shimfiɗa ragowar kyalle a kan tebur, ya tsoma buroshi, ya sa ta tana nuna masa hoton yana kwafa. Da ya zo lamba ta huɗu ya tsaya.

"Me kika karanta nan?"

"Ɗaya."

"Bakwai ce. Ɗayata sanda ce tsirara, ba na sa mata kai. Wannan tana da kai, wuri ne ya matse shi." Ya nuna tsakiyar layin da gindin buroshi. "Nan kuma ba tazara ba ce. Igiyar sama ta saki, kyallen ya naɗe, akwai lamba a cikin ninkin. Ga ƙafarta ta leƙo."

"Ta biyun fa?"

Hannunsa ya kai bakin kyallen, wuri ya ƙare, sai ya ji buroshin ya sauka ƙasa da kansa, yadda ya saba. Ya dubi hoton. Ƙarƙashin lambar ƙarshe akwai wani jan tabo.

"Na ɗauka ɗigon fenti ne," in ji ta.

"Ɗigo ƙasa yake zarara, siriri. Wannan da ciki biyu. Takwas ce. Saura ta cikin ninkin. Fara daga sifiri."

Sifiri, babu lambar. Ɗaya, a kashe. Biyu, wata mata ta ce ba ta san zancen ba. Ta goge wayar a mayafi, ta sake dannawa. Uku ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ta dube shi, ya sunkuyar da kai. In ukun ce fa?

A ta shida wani ya ɗauka, ana jin bugun guduma a bayansa.

"Gyaran fanka? Eh, nan ne. Hajiya, a ina kika samu lambata?"

"A kyallen shagonka."

"Kyallen? Shekara biyu yana rataye, ke ce ta farko da ya kawo mini!"

"Akwai wani tsoho, takalmi ƙafa ɗaya..."

Gudumar ta tsaya.

"Naki ne? Tun safe yake kwance a bencina, ruwa kawai yake nema, yanzu ma ba ya amsawa sosai. Mota muke nema. Ki same mu babban asibiti."

Ta fita a guje, ba godiya, ba zagi. Mai fenti ya bi ta har bakin titi da buroshi a hannu, yana ɗaga wa duk abin da ya ji ƙararsa, don ba ya bambance tasi da motar gida sai ta zo dab da shi.