Adaftar da na ƙi canzawa

Shekara biyu matata tana karatun jarrabawar samun lasisin aikin jinya, kuma wannan zaman ne damarta ta ƙarshe. A kwamfuta ake yi, daga gida, kyamara na kallonka, ba a yarda da waya a ɗakin ba. In intanet ta yanke sau uku, an rufe maka shafi.

Rawutar gidanmu kuwa, akwatin nan mai raba intanet, 'yar gata ce. In mai walda na maƙwabta ya kunna inji, wuta ta yi ƙasa, sai fitilunta su ɗauke, ta ɓata minti biyu tana sake tashi.

Na kai ta wurin mai gyara. Ya juya adaftar da ke ba ta wuta, ya karanta bayanta, ya yi tsaki.

"Maigida, wannan ba tata ba ce. Amfiya biyu rawutar ke so, wannan ɗaya take bayarwa."

"Ai bakinta ya shiga daidai."

"Shiga daban, ƙarfi daban. Ka sayi ƙaramin batir, ka haɗa da sabuwar adafta."

Na sayi batirin, na bar adaftar. Ni a dole mai wayo, wai so yake ya sayar min da kaya biyu. Na jona tsohuwar a batirin, batirin a rawuta, fitila ta kama. Na ce wa matata ta kwantar da hankalinta. Abin da ban sani ba, ɗan abin da adaftar ke kawowa bai ma ishi rawutar ba, sai batirin ya riƙa cikasa mata daga cikinsa. Tun daga lokacin ƙarewa yake yi, ni ina ganin caji yake.

Ranar jarrabawar, ƙarfe goma na safe ta zauna. Ina tsaye a baranda, rawutar na kan wata kanta kusa da ni. Sha ɗaya saura, aka ɗauke wuta. Batirin ya riƙe minti huɗu ya mutu. Aka kawo, rawutar ta tashi. Mai walda ya kunna inji, ta sake ɗaukewa. Na ruga ba takalmi, na roƙe shi don Allah ya dakata, ya kuwa dakata. Ina dawowa wutar ta yi ƙasa da kanta, rawutar ta ɗauke karo na uku. Na taɓa adaftar, zafi kamar dutsen guga.

Ta fito daga ɗaki, ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi.

"Saura tambaya tara," ta ce.

Kunya ta hana ni ɗaga kai.

"Baban yara, ba laifinka ba ne. Ai ka yi duk abin da mai gyara ya ce."

Ta shiga ta kwaso littattafanta, ta ce in samo mata kwali.