Mai Tsaya wa Malam Shitu

Malam Shitu na Maska ya shekara hamsin da bakwai yana noman masara da waken suya, bai taɓa wuce Kaduna ba. Sai ga 'yarsa Mansura za ta kammala karatun likita a Masar, ta ce ko a waya ba za ta yi masa magana ba in bai zo ba. Dole ya nemi fasfo.

A wani shagon kwamfuta a Funtua ya baje takardunsa: lambar NIN, takardar rantsuwar shekaru, da shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Mai shagon, Zaharaddeen, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya ga suna da ranar haihuwa sun dace.

"Nan ake yawan faɗuwa, Baba, harafi ɗaya ya saɓa, shi ke nan. Amma hoton nan ba zai shiga ba."

Hoton Sallah ne, da tabarau, ga labule mai furanni a baya. Aka sake ɗauka a jikin farin bango, ba tabarau, ba inuwa a fuska, baki a rufe. Sau uku ana yi, don dariya ke ƙwace masa.

Saura mai tsaya masa, wanda dole ya kasance yana da fasfo. Ƙanin matarsa ya kawo nasa fasfon da murna, ashe ya ƙare tun bara.

Jiki a sanyaye ya biya shagon Marcellinus, Ibon da ke sayar da kayan babur, ya zauna a bencin da ya saba zama duk ranar kasuwa. Ya ba shi labari.

Marcellinus ya ajiye sifana. "Malam, ni fa? Nawa da ransa."

"Na ɗauka sai ɗan uwa, ko ɗan gari."

"Ɗan Najeriya aka ce, wanda ya san ka. Wa ya yi min rakiya ranar da muka binne matata, mahaifiyar Chinonso? Ba kai ba ne?"

Malam Shitu ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi.

Washegari Marcellinus ya zo da hotonsa, da kwafin shafin fasfonsa da na lasisin tuƙi. Wajen rubuta tsawon saninsu a fom ɗin mai tsayawa suka yi ta musu, shi yana cewa shekara talatin da ɗaya, Malam Shitu yana cewa da biyu, har sai da Zaharaddeen ya raba su. Suka kai fom ɗin kotu, Marcellinus ya sa hannu gaban mai rantsarwa, aka buga hatimi.

A ofishin fasfo na Katsina injin ɗaukar zanen yatsa ya yi ta ƙin yatsun Malam Shitu, fartanya ta cinye zanen. Ya goga, ya danna, ya sake, a na huɗu ya karɓa.

Da ɗan koren littafin ya fito, bai nufi Maska ba, shagon kayan babur ya fara tsayawa. Marcellinus ya wanke baƙin mai daga hannunsa tas kafin ya karɓa, ya daɗe yana kallon hoton.

"Kai, Malam! Wa ya ɓata maka rai haka?"